Ina kuskurena a dy/dx na y = x^x?

Ɗan Aji Ɗaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Jiya aka dawo mana da takardun tes na kalkulas, tambaya ta uku ta ce a nemo dy/dx idan y = x^x, sannan a faɗi nawa ne a x = 2. Ni dai na bi ƙa'idar fawa da muka sani tun sakandare: na sauko da fawar gaba, na rage mata ɗaya. Na sami x·x^(x−1), wanda in aka haɗa shi ya koma x^x. A x = 2 na rubuta 4. An ja min jan biro, ko maki ɗaya ban samu ba. Abokina da muke zama benci ɗaya ya rubuta x^x · ln x, ya sami 2.77, shi ma an kashe masa. Tun jiya nake juya takardar nan, ban ga inda na kauce ba.

Injiniyan Gobe: Wa alaikumus salam. Kai ne ka yi kuskure, abokinka yana kan hanya. Tunda x yana sama a matsayin fawa, to wannan irin su 2^x ne, kuma dy/dx na a^x shi ne a^x · ln a. Ka sa x a gurbin a, ka sami abin da ya rubuta. Ina ga mai makin ne bai duba da kyau ba. Ka ce masa ya koma da takardarsa.

'Yar Fiziks: A'a Yaya, kada ya koma. Ita ƙa'idar a^x · ln a ai sai a ya zama lamba tsayayya, kamar 2 ko 10. A nan gindin ma x ne, yana tafiya. Ku duka biyun kun daskarar da abin da ba ya tsaye: shi ya ɗauki fawa kamar ba ta motsi, abokinsa ya ɗauki gindi kamar ba ya motsi. Abin da aka koya mana shi ne a ɗauki ln na ɓangare biyu tukuna.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata ta faɗi gaskiya. Amma kafin mu shiga aikin, ɗana, ɗauko kalkuletarka, ina so ka gani da idonka cewa amsoshin nan biyu ba su yi ba, kada ya zama don an faɗa maka ne kawai.

Danna 2^2, ka san 4 ne. Yanzu danna 2.001^2.001. Za ta ba ka kusan 4.006779. Wato mun matsar da x da 0.001, y ya ƙaru da 0.006779. Raba ƙaruwar y da ƙaruwar x, ka sami 6.779. To duk amsar da za a ba mu, dole ta zauna kusa da 6.78. Taka 4 ce, ta abokinka 2.77 ce. Babu wadda ta kusa.

Ga aikin yanzu. Damuwarmu ita ce x da ya hau sama. Logaridim yana da hali ɗaya da ke yi mana maganin wannan, yana sauko da fawa ƙasa ta zama abin ninkawa: ln(x^x) daidai yake da x · ln x. Sai mu rubuta:

```
ln y = x · ln x
(1/y) · dy/dx = 1 · ln x + x · (1/x)
dy/dx = y · (ln x + 1)
dy/dx = x^x · (ln x + 1)
```

Layi na biyu shi ne wurin da ake faɗuwa, don haka bari in tsaya a kansa. A hagu, ln y muke da shi, kuma y ɗin nan ba lamba ba ce, yana canzawa duk lokacin da x ya canza. Shi ya sa ba 1/y kaɗai ake rubutawa ba, sai an bi shi da dy/dx, wato ƙa'idar sarƙa ke nan. A dama kuwa abu biyu ne aka ninka, x da ln x, sai ƙa'idar ninki: ka difarenshiyet na farko ka bar na biyu, sannan ka bar na farko ka difarenshiyet na biyu, ka tara. x sau 1/x ya ba mu 1. Daga nan sai ka ninka ko'ina da y, ka mayar da x^x gurbinsa.

A x = 2, ln 2 ya kai 0.6931, saboda haka 4 sau 1.6931, wato 6.7726. Dubi abin da kalkuleta ta ba mu ɗazu, 6.779. Ɗan bambancin da ya rage saboda 0.001 ɗin da muka ɗauka ne, in ka ƙara ƙanƙanta shi za ka ga yana matsowa.

Ɗan Aji Ɗaya: Allah ya saka da alheri Malam, na danna kuma haka ya fito. Amma na lura da wani abu da ya ba ni mamaki. Amsata 4, ta abokina 2.7726. In na tara su 6.7726 ne cif. Dace ne kawai aka yi, ko akwai dalili?

Malam Mai Alli: Madalla da wannan ido! Ba dace ba ne, kuma in ka riƙe wannan ka riƙe darasin gaba ɗaya. Buɗe bakan amsar ka gani: x^x · (ln x + 1) shi ne x^x · ln x a tara da x^x. Na farko amsar abokinka, na biyu taka. Kowannenku ya kawo rabin kaya.

Dalilin kuwa shi ne x yana zaune a wuri biyu, a gindi da kuma a sama. In ya motsa, wuri biyu ne suka motsa lokaci guda, kuma kowanne yana tura y da nasa ƙarfin. Koma kan kalkuleta. Matsar da gindi kaɗai ka bar fawa: 2.001^2 ya ba da 4.004001, ƙarin 0.004001, wato gudun 4.001. Wannan ita ce amsarka. Yanzu bar gindi ka matsar da fawa kaɗai: 2^2.001 ya ba da kusan 4.002774, ƙarin 0.002774, gudun 2.774. Ga amsar abokinka. Tara ƙarin biyu ka sami 0.006775, alhali da muka matsar da su tare mun sami 0.006779. Wannan ɗan guntun da ya rage a ƙarshe shi ne tasirin haɗuwar motsin biyu, kuma yana da ƙanƙanta irin ta 0.001 sau 0.001, saboda haka ko an raba shi da 0.001 ɗin, yana ɓacewa sa'ad da tazarar ta doshi sifili.

Na yi shekaru ina koyar da wannan a allo kafin in fara nuna wa ɗalibai lambobin nan uku a jere, kuma na ga bambanci ƙwarai. Wanda ya ga 4.004001 da 4.002774 da 4.006779 a gabansa ba ya sake tambayar wace ƙa'ida ce ta dace.

Injiniyan Gobe: To Malam, in haka ne ni ban ga amfanin wahalar ɗaukar ln ba. A ce kawai: yi ƙa'idar fawa, yi ƙa'idar a^x, ka tara. Layi ɗaya an gama. Kuma ai ni ma rabin gaskiya na faɗa ke nan.

Malam Mai Alli: Rabi ka faɗa, haka ne, kuma hanyar da ka kawo yanzu halal ce, ba dabarar tsallake aiki ba ce. In gindi u ne, fawa kuma v, dukansu suna bin x, to:

```
y = u^v
dy/dx = v · u^(v−1) · u' + u^v · ln u · v'
```

Amma ka dubi u' da v', wato du/dx da dv/dx, da ke maƙale a wutsiyar kowane ɓangare. A x^x dukansu 1 ne, shi ya sa ba a ganinsu. Ranar da gindi ya zama wani abu dabam, wanda ya haddace "yi biyu ka tara" yakan manta da su. Hanyar ln kuwa ita da kanta take tilasta maka ka rubuta su. Shi ya sa nake fara ɗalibi da ita, in hannunsa ya faɗa sai ya ɗauki gajeriyar.

Maman Biyu: Malam kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni malamar lissafi ce a sakandare, ina kuma karatun ƙarin digiri a ƙarshen mako. Satin da ya wuce aka ba mu y = (x² + 1)^x, a nemo gangararsa a x = 1. Na ɗauki ln kamar yadda ya kamata, na sami ln y = x · ln(x² + 1). Amsata ta fito 2.386, ta bayan takarda kuma 3.386. Bambancin 1 ne cif, har na fara zargin kuskuren buga takarda ne, an sa 3 a maimakon 2. Cikin dare bayan yara sun yi barci na sake yi sau uku, 2.386 nake ta samu.

'Yar Fiziks: Anti, ku turo layi na biyu na aikinku mu gani.

Maman Biyu: Ga shi: (1/y) · dy/dx = ln(x² + 1) + x · 1/(x² + 1). A x = 1, y = 2, sai 2 sau (0.6931 + 0.5).

'Yar Fiziks: Ga shi nan Anti. In aka difarenshiyet ln(x² + 1), ba 1/(x² + 1) kaɗai ba ne, sai an ninka da na abin da ke ciki, wato 2x. Ɓangare na biyu zai zama x · 2x/(x² + 1). A x = 1 wannan 2/2 ne, wato 1, ba rabi ba. Sai 2 sau (0.6931 + 1), 3.386. Wannan 2x ɗin shi ne u' da Malam ya ce ana mantawa. Na kuma gwada irin gwajin Malam da x = 1.01: gindi 2.0201, in aka ɗaga shi zuwa 1.01 ya ba da kusan 2.0344, ƙarin 0.0344 a kan 0.01, wato wajen 3.44. Yana gefen 3.386, ba ya gefen 2.386.

Maman Biyu: Kai, Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Abin da nake yi wa ɗalibaina faɗa a kai kullum, shi ne ya kama ni. Daga yau duk amsar da na samu sai na gwada ta da kalkuleta kafin in ɗora wa takarda laifi.

Na Damagaram: Salamu alaikum. Ina biye da ku daga Zinder. Mu a nan, a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ba a fara mu da ɗaukar ln na ɓangare biyu ba. Abin da aka ce mana shi ne, duk inda ka ga a^b to ma'anarsa e^(b · ln a), in dai a ya fi sifili. Saboda haka x^x kawai mu rubuta shi e^(x · ln x), sai mu difarenshiyet: e^(x · ln x) ya dawo yadda yake, a ninka shi da na fawarsa, ln x + 1. Amsa ɗaya ce da ta Malam. Ni na fi son wannan don ba sai ka sa y a hagu kana ta jan 1/y ba, kuma tun layin farko kana ganin ln x a gabanka, ka san x ba zai sauka ƙasa da sifili ba.

Malam Mai Alli: Maraba da mutanen Damagaram. Hanyarku da tamu ɗaya ce, kun shigo ta ƙofar gaba mun shigo ta ta baya. Har ma zan ce taku ta fi tsafta ta fuska ɗaya. Mu da muka rubuta (1/y) · dy/dx, mun riga mun ɗauka cewa dy/dx ɗin yana nan kafin mu nemo shi. Ku kuwa da kuka rubuta e^(x · ln x), ƙa'idar sarƙa ita ce ta tabbatar muku yana nan. Inda tamu take fin sauƙi shi ne in abubuwa da yawa aka ninka aka raba, kowanne da fawarsa, sai ln ya warware su su zama tarawa da ɗebewa. Tsohon aiki ne kuwa, Johann Bernoulli ya yi rubutu a kan irin waɗannan masu fawa mai canzawa tun 1697, kuma ta logaridim ya bi.

Injiniyan Gobe: Maganar x ya fi sifili ɗin nan ban yarda da ita duka ba. An koya mana cewa in y zai iya zama nigetif, sai a ɗauki ln|y|, kuma in ka difarenshiyet shi 1/y ɗin dai za ka samu. To me zai hana a yi haka a nan, a ce amsar x^x · (ln|x| + 1) ce ga kowane x? Ai (−2)^(−2) yana da amsa, 0.25 ne. Kalkuleta ta ba ni.

'Yar Fiziks: Danna (−0.5)^(−0.5) ka gaya mana abin da ta ce, Yaya.

Injiniyan Gobe: Ta rubuta Math ERROR. To amma (−3)^(−3) ya fito, −1/27.

Malam Mai Alli: Abin da aka koya maka game da ln|y| gaskiya ne, sai dai ba wurinsa ba ne nan. Yana aiki in y yana nan daram a kowane gefe, alamarsa ce kawai nigetif, kamar y = x³ · (x − 5) a tsakanin 0 da 5. A x^x kuwa matsalar ba alama ba ce, y ɗin ne babu. Fawar −0.5 tana nufin sai an nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da −0.5, kuma babu ita a lambobin da muke aiki da su. Ka tuna gwajin da muka fara da shi: mun tsaya a 2, muka leƙa maƙwabcinsa 2.001. Tsaya a −2 ka leƙa −2.001. Fawar ita ce −2001/1000, ƙasanta 1000, lamba ce mai rabuwa biyu, saboda haka babu amsa. Duk yadda ka matso kusa da −2 za ka ci gaba da faɗawa irin wannan rami. Abin da ba shi da maƙwabta a jere ba a yi masa maganar gangara. Ɗigo-ɗigo ne a warwatse, wasu a sama wasu a ƙasa, ba layi ba.

Na Damagaram: Sai dai in an shiga lambobin kwamfles, Malam. A can ln na nigetif yana da ma'ana.

Malam Mai Alli: Haka ne, amma a can ln ba amsa ɗaya yake bayarwa ba, sai ka zaɓi reshe, kuma wannan karatun wata shekarar ne. Ga ɗan aji ɗaya, ya rubuta x > 0 a gefen amsarsa.

Ɗan Aji Ɗaya: To sifili kansa fa, Malam? Na danna 0.1^0.1 na sami 0.794, na danna 0.01^0.01 na sami 0.955, 0.001^0.001 kuma 0.993. Kamar yana komawa 1. Na zaci zai yi ta raguwa ne har sifili.

'Yar Fiziks: Amsar da aka samo ɗazu ita ce za ta gaya maka. x^x kullum ya fi sifili, saboda haka alamar dy/dx tana hannun ln x + 1. Wannan yana zama sifili ne in ln x = −1, wato x = 1/e, kusan 0.3679. Daga nan zuwa sama giraf ɗin hawa yake yi, daga nan zuwa sifili kuma in kana tafiya dama sauka yake yi. A x = 1/e ɗin y ya kai ƙasansa, kusan 0.6922, bai taɓa sauka ƙasa da haka ba. Shi ya sa da ka doshi sifili ka ga yana komawa sama wajen 1.

Injiniyan Gobe: Shi ke nan, 0^0 = 1. Giraf ya nuna.

Na Damagaram: Giraf ɗin x^x ya nuna, amma 0^x fa? Ga duk x da ya fi sifili amsarsa 0 ce, in ka doshi sifili ta wannan hanya 0 za ka tarar, ba 1 ba. Shi ya sa a darasin limit ake sa 0^0 cikin waɗanda ba a yanke musu hukunci.

Maman Biyu: Amma ni a wajen faɗaɗa (a + b)^n da jerin e^x, ina ganin ana ɗaukar x^0 a matsayin 1 ko da x sifili ne, in ba haka ba ai jerin ba zai ba da e^0 = 1 ba. To wanne za mu gaya wa yara?

Malam Mai Alli: Kowannenku yana da hujja, kuma masana kansu sukan zaɓi wanda ya dace da aikin da ke gabansu, masu aljabra da ƙirga su ce 1, masu limit su bar shi a buɗe. Ba ni zan raba wannan gardama yau ba. Abin da ya shafi tambayarmu shi ne, ko ka yarda ka sa y = 1 a x = 0, dy/dx ba zai samu a wurin ba. x^x yana dosar 1, amma ln x + 1 yana ta nutsewa ba iyaka. A x = 0.001 gangarar ta kai wajen −5.87, kuma kullum ƙara tsayuwa take yi, giraf ɗin yana barin 1 ne kamar mai gangarowa daga bango.

Ga wani aiki ga mai so, don tes na gaba yakan zo da shi. Ku nemo dy/dx na (x^x)^x da na x^(x^x), a x = 2.

Injiniyan Gobe: Ai abu ɗaya ne Malam. (2^2)^2 = 16, kuma 2^(2^2) = 16. Na yi na farko: fawa sau fawa, ya zama x^(x²), ln y = x² · ln x, dy/dx = y · (2x · ln x + x). A x = 2, 16 sau 4.7726, wato 76.36. Duka biyun ke nan.

'Yar Fiziks: Na farkon ka yi daidai, amma a 2 kawai suka haɗu. Gwada 3: (3^3)^3 shi ne 27^3, wato 19,683, shi kuwa 3^(3^3) shi ne 3^27, ya haura tiriliyan bakwai. Layi biyu suna iya gittawa a wuri ɗaya kowanne da gangararsa.

Ɗan Aji Ɗaya: Bari in gwada na biyun, Malam ku duba min. ln y = x^x · ln x. Ƙa'idar ninki: na x^x mun riga mun samo, 6.7726 a x = 2, sai in ninka shi da ln 2, ya ba ni 4.6944. Sannan x^x sau 1/x, wato 4 a raba da 2, ya ba ni 2. Jimla 6.6944, sau y wanda yake 16, na sami 107.11. Na so in gwada da 2.001 amma kalkuletata tana rikita min bakan, ban san ko tana ɗaukar na sama ne tukuna ko na ƙasa ba.

Malam Mai Alli: 107.11 daidai ne. Kada ka bar mata zaɓi: danna 2.001^2.001 tukuna, ka sami 4.006779 ɗin nan namu, sannan ka danna 2.001^Ans. Ɗebe 16, raba da 0.001, ka turo mana abin da ya fito.